Awon Nesa da Babban Yatsa: Yadda Tsayin Bango Ɗaya Zai Faɗa Maka Nisan Wuri

Ka miƙa hannunka na dama gaba, ka miƙe shi sosai har gwiwar hannu ta daina lanƙwasa, sannan ka tayar da babban yatsa. Ka rufe idon hagu, ka daidaita gefen yatsan da wani abu da ke can nesa, ko turken wuta ne ko kusurwar wani gini. Kada ka motsa hannu, kada ka motsa kai. Yanzu ka buɗe idon hagu ka rufe na dama. Za ka ga yatsan ya yi tsalle zuwa dama, ya bar abin da ka ɗora shi a kai, alhali kai ka san ko gezau bai yi ba. Wannan tsallen shi ne ma'aunin. Idan ka iya kintace mita nawa yatsan ya tsallake a can wurin abin, sai ka ninka da goma, abin da ya fito shi ne nisan da ke tsakaninka da wurin. Tsallen mita 8 na nufin nisan mita 80, tsallen mita 30 kuwa mita 300.

Dabarar ke nan gaba ɗayanta, yaro ɗan firamare ma zai haddace ta kafin a tashi tara. Amma duk wanda ya gwada ya san inda gizo ke saƙar: yaya za a yi mutum ya san mita nawa yatsan ya tsallake a wurin da bai taka ba? A nan ne ake buƙatar wani abu guda da aka riga aka san tsayinsa, kuma a nan ne yawancin masu gwadawa ke yin kuskure.

Mu fara da inda goman nan ta fito, domin wanda ya gane tushenta ba zai riƙa amfani da ita ido rufe ba. Tazarar da ke tsakanin ƙwayar idon dama da ta hagu a wurin babban mutum kusan santimita 6 ce da 'yan ɗoriya, matsakaicinta wajen 6.3. Daga ido zuwa babban yatsa, idan hannu ya miƙe, kusan santimita 60 ne zuwa 65. Ke nan tsawon hannu ya ninka tazarar idanu kamar sau goma. Layin gani da ya fito daga idon dama da wanda ya fito daga na hagu suna haɗuwa a kan yatsa, su gitta juna, su ci gaba da buɗewa a bayansa. Gabanin yatsa akwai ƙaramar alwatika: gindinta tazarar idanu, tsawonta hannu. Bayan yatsa akwai babbar alwatika mai siffa iri ɗaya sak: gindinta tsallen da ka gani, tsawonta nisan da kake nema. Tun da siffarsu ɗaya ce, abin da ya tabbata a ƙaramar ya tabbata a babbar. Idan hannu ya ninka tazarar idanu sau goma, nisa ma ya ninka tsalle sau goma.

Da wannan hikimar ce masana taurari ke auna nisan taurarin da ke kusa da mu, sai dai su "idanunsu" biyu wurare biyu ne da duniya ke tsayawa a zagayenta na rana, wata shida tsakani, tazarar kusan kilomita miliyan 300. Friedrich Bessel, Bajamushe, shi ne ya fitar da irin wannan awon a kan tauraron 61 Cygni a shekarar 1838. Mu dai namu bai wuce fadama da bakin kogi ba.

Sai dai Allah bai halicci mutane da hannu iri ɗaya ba. Wani dogo ne mai siririyar fuska, nasa adadin zai kai 11. Wani gajere ne mai faɗin fuska, nasa 9. Don haka kafin ka amince da goma, ka auna taka. Ka sami dogon bango, ka sa alama da gawayi ko alli daidai tsayin idonka, ka ja tef ɗin awo mita 10 daga bangon. Ka tsaya yadda babban yatsanka, ba ƙafarka ba, zai kasance saitin mita goman, domin babbar alwatikar daga yatsa take farawa. Ka ɗora gefen yatsa a kan alamar, ka sauya ido, wani ya je ya sa alama ta biyu inda yatsan ya sauka. A auna tsakaninsu. Idan mita 1 ce cif, adadinka 10 ne. Idan mita 1 da santimita 6 ce, ka raba 10 da 1.06, adadinka 9.4 ke nan. Ka maimaita kamar sau uku ka ɗauki na tsakiya. Wannan aikin sau ɗaya ake yin sa, ya ishe ka muddin ka gama girma.

Tun kana jikin bangon, ka auna abu na biyu. Ka matso har idonka ya zama shi ne a saitin mita 10, ka rufe ido ɗaya, ka duba faɗin bangon da babban yatsanka ya rufe daga gefe zuwa gefe a daidai farce. Ga yawancin mutane wajen santimita 33 zuwa 35 ne, domin faɗin yatsa kamar santimita 2 ne, kashi ɗaya cikin talatin na tsawon hannu. Wannan ya ba ka ma'auni na biyu: duk abin da faɗin yatsa ya rufe daidai, nisansa ya ninka girmansa kamar sau 30. Wannan ma'aunin ido ɗaya kawai yake buƙata, don haka mai larurar ido ɗaya ma ba a bar shi a baya ba.

To, bari mu tafi fili. Mu ƙaddara cikin watan Agusta ne, ruwa ya cika wata fadama. Kana tsaye a wannan gaɓar, a waccan gaɓar kuma akwai ginin makarantar firamare mai aji biyu, da wata darbejiya a gefensa, da ƙarfen sabis ɗin waya a can baya. Kana son sanin faɗin fadamar, ƙila domin ka lissafa tiyon ban ruwa da za ka saya idan rani ya zo, ƙila domin ƙungiyar unguwa na shawarar yin kwalbati da cikon hanya. Babu halin taka ruwan da tef.

Abu na farko, ka nemi tsayin da ka sani. Ginin bulo mai hawa ɗaya, daga ƙasa zuwa inda kwano ya fara, yawanci kusan mita 3 ne. Ƙofa kuwa mita 2 da ɗan kai, magina kan bar mita 2.1. Ka duba ƙofar ajin: idan ta ci kamar kashi biyu cikin uku na bangon, to mita ukun nan ta zauna.

Abu na biyu, ka kwantar da tsayin nan a gicciye, domin tsallen yatsa gefe yake yi, ba sama ba. Ido kaɗai bai iya wannan aikin da kyau ba, yakan ga abin da ke tsaye ya fi wanda ke kwance tsawo ko da daidai suke. Ka tsinko ƙaramin tsinke ko ka fiddo biro, ka riƙe shi a tsaye da hannu a miƙe, ka daidaita kansa da bakin kwano, ka sa farce inda gindin bangon ya faɗo. Sai ka juya tsinken ya kwanta, ka ƙirga sau nawa wannan ɗan gutsuren zai shiga cikin tsawon ginin. A ce ya shiga sau shida. Shida sau 3, tsawon ginin kamar yadda yake fuskantarka mita 18 ke nan. Yanzu ka sami babban ma'auni a kwance.

Abu na uku, tsallen kansa. Ka rufe idon hagu, ka ɗora gefen hagu na yatsanka a kusurwar hagu ta ginin. Ka sauya ido. A ce gefen nan ya wuce ginin gaba ɗaya, ya sauka a fili, bayan kusurwar dama da kamar rabin tsawon ginin. Tsallen gini ɗaya da rabi ne, wato mita 27. Ka ninka da goma, mita 270. Idan kai ne mai adadin 9.4 ɗin nan, naka mita 254 ne. Ka ga bambancin mita 16 da awon jikin bango ya tsare maka.

Ka gwada da ma'auni na biyu. Idan nisan mita 270 ne, faɗin yatsa zai rufe mita 9 a can, domin 270 a raba da 30 ya ba da 9. Ke nan ginin mai mita 18 ya kamata ya ci faɗin yatsa biyu. Idan ka gwada ka ga biyu ne, hannunka bai yi rawa ba. Idan ka ga uku, akwai inda aka kuskure, a sake. Amma a lura, wannan gwajin hannunka kawai ya tantance. Duka lissafin biyu a kan mita ukun bango suke tsaye, idan ita ba daidai ba ce, tare za su yi ƙarya, su kuma gaskata juna.

Da nisa ya samu, girman sauran abubuwa ya zo da sauƙi. Ka kwantar da babban yatsanka a gicciye yadda faɗinsa zai auna sama da ƙasa, ka ɗora shi a kan darbejiyar. Idan ta ci faɗin yatsa ɗaya da sulusi, tsayinta mita 12 ne, tun da kowane faɗin yatsa mita 9 ne a wannan nisan. Da tsinken ma za ka iya: bishiyar ta ninka bangon sau huɗu, huɗu sau 3, mita 12. Mai shirin sare bishiya kusa da gini ya kamata ya san wannan adadin kafin ya ɗauko gatari.

Wani zai ce, me ya sa aka sha wannan zagayen ta tsayi? Ai sai a tambayi hedimasta tsawon ginin, a wuce wurin. Ga dalilin. A ce hedimasta ya ce maka tsawon ginin mita 24 ne, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ginin bai fuskance ka sosai ba, ya ɗan karkace, kamar digiri 40. Abin da ya karkace gajarta yake yi a ido: karkatar digiri 30 tana cinye kusan kashi 13 cikin ɗari na tsawon, digiri 45 kusan kashi 29, digiri 60 kuwa rabi cur. A digiri 40 ɗin nan, ginin mita 24 zai tare maka kamar mita 18 ne kawai. Idan ka yi lissafi da 24, gini ɗaya da rabi ya zama mita 36, nisa ya zama mita 360. Ka ƙara wa fadamar mita 90 da ba ta da su. Daga nesa kuma da wuya ido ya gane karkatar gini, musamman idan ba a hango bangon gefe sosai. Tsayi kuwa ba ruwansa da wannan. Ko ta gaba ka zo wa gini, ko ta gefe, ko ta kusurwa, tsayin bangonsa ɗaya ne. Mota ma haka, raƙumi ma haka, mutum ma haka. Shi ya sa a ganina tsayin da aka sani ya fi tsawon da aka sani daraja, ko da tsawon an auna shi da tef ne, tsayin kuwa kirdado aka yi.

Tsayi ma yana da nasa maƙiyin, shi ne duk abin da ke ɓoye gindi. Da damina ciyawa da gero da shinge suna rufe ƙasan gini ba tare da mutum ya ankara ba. A ce ciyawa ta rufe santimita 60 na bangon nan. Abin da kake gani mita 2.4 ne, kai kuma kana kiransa mita 3. Gutsuren tsinkenka zai yi gajarta, ya shiga cikin ginin sau bakwai da rabi maimakon shida, lissafinka ya tashi kusan mita 340. Hanyar ganewa ita ce siffar ƙofa. Ƙofa mai ƙyaure ɗaya tsayinta ya haura ninki biyu na faɗinta. Idan ka hango ta ta yi guntu, kamar taga mai ɗan tsawo, to gindinta a ɓoye yake. Haka idan ka ga mutanen da ke wucewa a wurin daga gwiwa suke farawa. Sai ka nemi wani abin ko ka hau tudu.

Ka lura, kurakuran nan biyu duk gefe ɗaya suke ja: suna sa wuri ya fi yadda yake nisa. Lanƙwasa gwiwar hannu ma haka take yi, domin idan yatsa ya matso kusa da fuska tsallen ƙaruwa yake. Hannun da ya dawo santimita 50 maimakon 62 zai ƙara maka kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka idan amsa ta fito ta fi abin da hankalinka ya ɗauka yawa, waɗannan ukun za ka fara bincika. Akwai kuma ƙaramin kuskuren da kusan kowa ke yi a ranar farko: a fara da gefen hagu na yatsa, a ƙarasa karatu da gefen dama. Faɗin yatsa kusan sulusin tsalle ne, don haka wannan 'yar mantuwar kaɗai ta isa ta ɓata lissafi da kashi ɗaya cikin uku. Wanda abin ya dame shi ya riƙe biro a madadin yatsa, bakinsa ɗaya ne, ba ruɗani.

Mun bar ƙarfen sabis a baya, da gangan. A ce ka ɗora yatsa ka ga ya ci faɗin yatsa biyu. Idan ka yi gaggawa za ka ce mita 18, tun da kowane faɗi mita 9 ne. Amma mita taran nan ta nisan makaranta ce kaɗai. Idan ƙarfen yana can mita 600 daga inda kake, kowane faɗin yatsa mita 20 ne a wurinsa, tsayinsa mita 40 ke nan. Ba a auna abu da ma'aunin da ba sahu ɗaya suke tsaye ba. Don ka gane ko sahunsu ɗaya, ka yi taku goma ko ashirin zuwa dama kana kallonsu. Idan ƙarfen ya zame daga saitin da yake da ginin, kamar yana bin ka, to a baya yake, kuma gwargwadon zamewar gwargwadon ratar. Darbejiyar da ke jingine da makarantar ba za ta gusa ba. A fili mai shimfiɗa akwai wata alamar: abin da ya fi nisa gindinsa ya fi hawa sama, kusa da inda ƙasa ta haɗu da sararin sama.

Waɗanne abubuwa ne suka cancanci a dogara da tsayinsu? Wanda masana'anta ko doka ta tsayar masa da awo ya fi wanda magini ya yi da ra'ayinsa. Kwantenar kaya da ake gani a bayan tirela ko an mai da ita shago, tsayinta mita 2.6 ne, akwai kuma wata mai ɗan ƙarin tsayi ta mita 2.9, tsawon gajeriyar mita 6, doguwar mita 12 da 'yan kai. Ragar ƙwallon ƙafa ta ƙa'ida tsayinta mita 2.44, faɗinta mita 7.32, amma wannan a filin wasa na gaske ne, ba turakun da samarin unguwa suka kafa da reshen dalbejiya ba. Adaidaita sahu tsayinta wajen mita 1.7, kusan daidai da matsakaicin namiji babba. Bene kuwa a ba kowane hawa kusan mita 3, a ƙirga tagogi daga ƙasa zuwa sama.

Girman ma'aunin ma abin dubawa ne. Mutum mai mita 1.7 yana da amfani a nisan mita 50 ko 100, inda tsalle bai wuce tsayin mutum uku zuwa shida ba. A mita 500 kuwa, mutumin nan bai fi milimita 2 ba a jikin tsinkenka, tsallen kuma mita 50 ne, tsayin mutum kusan talatin. Babu idon da zai jera mutum talatin a kwance bai ɓata ƙirga ba. Shi ya sa a misalinmu muka hau mataki-mataki, daga ƙofa zuwa bango, daga bango zuwa tsawon gini, daga gini zuwa tsalle. Idan tsalle ya fi ma'auninka sau biyar ko shida, ka nemi babban ma'auni ko matsakaicin da zai haɗa su. Hazon hunturu yakan sa abu ya yi kamar ya fi nisa, amma ba ya ruɗin yatsa matuƙar gefen abin na fitowa sarai. Kawalwalniyar tsakar rana a watan Afrilu ta fi shi ɓarna, domin gindin abu take narkarwa. Safiya da la'asar sun fi dacewa da awo.

Mai son ya ga iyakar abin ya jira daren sha huɗu ga wata. Faɗin wata kilomita 3,474 ne. Tsallen yatsa a sararin sama ya kai kamar faɗin wata goma sha ɗaya, wato kusan kilomita 38,000, a ninka da goma, 380,000. Matsakaicin nisan wata daga duniya kilomita 384,400 ne. Jera wata goma sha ɗaya da ido ba sauƙi, amma kowa zai iya tabbatar da cewa faɗin babban yatsa ya isa ya rufe wata kamar huɗu, duk da girman da yake yi wa ido idan yana fitowa. Kada dai a gwada wannan da rana, tana ƙona ido.

Saura maganar yadda za a yi da amsar. Mita 270 ɗin nan ba mita 270 ba ce cif. Idan bangon mita 3.3 ne maimakon 3, an riga an kauce da kashi goma cikin ɗari. Idan tsallen gini ɗaya da rabi ne da ɗan ƙari, wani kashi goman ya shigo. Mai gaskiya zai ce faɗin fadamar tsakanin mita 240 ne da 300, ya tsaya nan. Sannan yatsa layin ido yake aunawa, miƙaƙƙe, tiyo kuwa ƙasa yake bi, ya gangara kwari, ya kewaye kunya da kututture, don haka mai saye ya ɗora ƙari a kan babban adadin, ba ƙaramin ba. Wannan awon ya isa a yi kasafin kuɗi da shi, a san ko igiya za ta kai, ko bishiya za ta taɓa rufi idan ta faɗi. Iyakar gona da rabon gado da cinikin fuloti kuwa, a kira safiyo ko a jira ruwa ya janye a ja tef a gaban shaidu.